Yadda ake gano abin da lodi ke gani: boltej ɗaya da turjiya ɗaya, da lissafin daidaita su

Yaran da ke koyon gyaran rediyo da amfilifaya a nan Aboabo da Asawase cikin Kumasi, da 'yan makarantar koyon sana'a da ke leƙo shagona in an tashi, sun dame ni da tambaya ɗaya mai fuska biyu. Ɗalibai suna cewa malami ya ba su lissafin Thévenin, sun haddace amma ba su san abin da ake yi da shi ba. Masu koyon gyara kuma suna cewa: «Masta, na auna wuta na ga bol shida, ina jona kaya sai ta gudu, ina ta tafi?» Amsar duka biyun ɗaya ce, don haka bari mu yi aikin da hannu, daga farko har ƙarshe.

Ga abin da ya faru a benci na. Wani yarona yana son kunna ƙaramin rediyo mai cin bol 6 daga batirin bol 12, saboda dumso, wato yawan ɗauke wuta. Ya ɗauki rezisto biyu, kowanne om 1000, ya jera su tsakanin ƙafafun batirin, ya ciro wayoyi biyu daga gefen na ƙasa. Ya sa mita, ta nuna bol 6 cif. Ya jona rediyo, shiru. Ya sake aunawa rediyon na jone, bai kai bol ɗaya ba. Ya zo yana rantsuwa batirin ne ya mutu. Batiri lafiyarsa ƙalau. Da wannan sakit ɗin nasa za mu yi dukan aikin.

Maganar Thévenin a taƙaice ita ce: duk yawan batura da rezisto da ke cikin sakit, in ka tsaya a bakin wayoyi biyun da lodi, wato kayan da ke cin wutar, zai hau, lodin ba ya ganin komai sai abu biyu, wato tushen boltej guda ɗaya da turjiya guda ɗaya a jere da shi. Na farko ana rubuta shi Vth, na biyu Rth. In ka san waɗannan biyun, ka san abin da kowane lodi zai samu tun kafin ka jona shi.

Kayan aiki

Mita mai lambobi, ko da irin 'yar rawayan nan ce mai arha. Rezisto na om 1000 guda shida, masu kwata na wat; launinsu ruwan ƙasa, baƙi, ja, sai zoben zinariya. Batirin bol 12 ko adafta mai ba da bol 12. Wayoyi masu bakin kada guda huɗu, da allon gwaji mai ramuka in kana da shi, in babu ka murɗe ƙafafun da hannu. Masu sayar da kayan rediyo a Adum da Kejetia suna da su duka, 'yan Akra kuma sun san hanyar Zongo Lane. Mitar ce kawai za ta ɗan taɓa aljihu. Rezisto ƙanana kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma ka sayi goma a tare ya fi ka sayi ɗai-ɗai sauƙi. Wanda ke da tsohon allon talabijin a ƙarƙashin benci ma ba sai ya saya ba.

Zoben zinariyar nan yana nufin kuskuren kashi biyar cikin ɗari, wato rezistonka na iya zama ko'ina tsakanin om 950 da 1050. Saboda haka in lissafi ya ce 4 mita ta ce 3.9, kada ka tayar da hankalinka. Haka kuma zan yi lissafi da bol 12 daidai don sauƙi. In batirinka cikakke ne ya nuna 12.6, to ka sa 12.6 a duk inda na sa 12.

Mataki na 1: Raba lodi da sauran sakit

Kafin ka taɓa mita, ka yanke shawarar mene ne lodi. A wurinmu rediyon ne. Cire shi gaba ɗaya, ka sa wa wayoyi biyun da ya bari suna, A da B. Rezisto na sama, wanda ke tsakanin jan kan batiri da A, shi ne R1. Na ƙasa, wanda ke tsakanin A da B, shi ne R2. B kuma yana haɗe da baƙin kan batiri.

Hattara: kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne barin lodi a cikin lissafi. In lodin yana nan, abin da ka samu ba Vth ba ne, ba kuma Rth ba. R2 ba lodi ba ne ko da yake yana zaune tsakanin A da B. Na gida ne, ya tsaya a wurinsa.

Mataki na 2: Nemo Vth

Vth shi ne boltej ɗin da ke tsakanin A da B lokacin da babu komai a jone. A takarda, tunda babu karant da ke fita ta A, karant ɗaya ne ke bi ta R1 da R2, sai su raba boltej gwargwadon girmansu:

```
Vth = 12 × R2 / (R1 + R2)
Vth = 12 × 1000 / 2000 = 6 V
```

A benci kuwa, ka murɗa mita zuwa 20 a ɓangaren DCV, jan tsinke a A, baƙi a B. Za ka ga kusan 6.00. Wannan shi ne bol shidan da yarona ya gani. Mitar ba ta yi masa ƙarya ba, rabin labari ta ba shi.

Hattara: ita kanta mita lodi ce. Mita mai kyau tana da turjiyar om miliyan goma a ciki, masu arha da yawa miliyan ɗaya. A sakit ɗinmu wannan ba ya canja komai. Amma da a ce R1 da R2 kowanne om miliyan ɗaya ne, mitar arha za ta nuna bol 4 maimakon 6, mai kyau ta nuna kamar 5.7. In ka kai Mataki na 5 ka dawo ka lissafa da kanka, za ka ga dalili.

Mataki na 3: Nemo Rth a takarda

Nan ne mutane ke ruɗewa, don haka mu tafi a hankali. Ana son a san turjiyar da lodi zai gani in ya leƙa cikin sakit ta A da B, bayan an kashe duk tushen wuta. To kashe batiri a lissafi ba cire shi a bar gurbi ba ne. Kashe shi yana nufin boltej ɗinsa ya zama sifili, kuma abin da ke da sifilin boltej tsakanin kawunansa biyu waya ce kawai. Saboda haka a zanenka ka goge batirin, ka zana waya a gurbinsa.

Yanzu duba zanen da kyau. Saman R1 ya haɗu da B ta wannan sabuwar waya. Ke nan R1 yana tsakanin A da B, R2 ma yana tsakanin A da B. Da batiri na nan a jere suke. Daga idon lodi kuwa kafaɗa da kafaɗa suke. Lissafinsu:

```
Rth = R1 × R2 / (R1 + R2)
Rth = 1000 × 1000 / 2000 = 500 Ω
```

Wanda ya tara su ya samu 2000 ya tsaya ne a wurin batiri yana kallo, alhali an ce ya tsaya a wurin lodi. Dabarar da nake koya wa yara ita ce su ɗora yatsa a kan A, su bi duk hanyar da za ta kai su B. In hanya biyu ce daban, to kafaɗa da kafaɗa ne. In dole ka ratsa ɗaya kafin ka shiga ɗayan, to a jere ne.

Ɗalibai za su haɗu da tushen karant a takardar jarrabawa, wato da'ira mai kibiya a ciki. Shi kashe shi yana nufin karant ɗinsa ya zama sifili, don haka ana cire shi a bar gurbin a buɗe. Akwai kuma tushen da ya dogara da wani boltej ko karant na cikin sakit, wanda ake zana shi da siffar lu'ulu'u, irin wanda ake wakiltar taransisto da shi. Wannan ba a kashe shi. In yana nan, sai a bi hanyar awo ta Mataki na 4.

Kana iya tabbatar da 500 ɗin nan da mita. Cire batirin daga sakit ɗungurungum, ka ajiye shi gefe. Haɗa wuraren biyu da ya bari da waya. Murɗa mita zuwa 2000 a ɓangaren Ω, ka auna tsakanin A da B.

Hattara, kuma wannan babba ce: wayar tana maye gurbin batiri ne bayan an cire shi. Kada ka ɗora waya a kan batirin yana nan. Na ga wanda ya karanta «a haɗa kawunan batiri» ya aikata haka a zahiri, wayar ta yi ja ta narke a hannunsa. Kuma kada ka taɓa auna turjiya a sakit mai wuta. Mitar da nata ɗan batirin take aunawa, wutar waje tana rikita ta ko ta ƙona ta. Ka kuma ɗauke yatsunka daga ƙarfen tsinken in turjiyar babba ce, don jikinka ma hanya ne.

Mataki na 4: Nemo Rth in ba ka iya buɗe sakit ɗin

Yawancin abin da ke zuwa benci ba za ka iya cire masa tushen wuta ba. Batiri ba ya buɗuwa, adafta a rufe take. A nan awo biyu sun isa. Na farko ka riga ka yi shi, wato boltej ba tare da lodi ba, bol 6. Na biyu, ka jona rezisto da ka san girmansa tsakanin A da B, ka sake aunawa. Ɗauki om 1000 guda ɗaya. Mita za ta nuna kusan bol 4.

Ina bol biyun suka tafi? Sun faɗi a kan Rth. Karant ɗin da ke bi ta lodi shi ne 4 a raba da 1000, wato miliamfa 4, kuma shi ne dai ke bi ta Rth tunda a jere suke. Bol 2 a raba da miliamfa 4 ya ba da om 500. A dunƙule:

```
Rth = RL × (Vth − VL) / VL
Rth = 1000 × (6 − 4) / 4 = 500 Ω
```

RL shi ne rezistonka na gwaji, VL kuma boltej ɗin da ka gani yana jone. Takarda ta ce 500, benci ya ce 500.

Zaɓen RL yana da muhimmanci. In ya yi girma da yawa, boltej ba zai motsa sosai ba, daga 6.00 zuwa 5.97 misali, sai ka tarar kana gina lissafi a kan lambar ƙarshe ta mita, wadda ita ce ta fi rawa. In ya yi ƙanƙanta da yawa, zai ja karant fiye da abin da tushen ke ɗauka. Ka fara da babba, ka riƙa saukowa har ka ga faɗuwar da ta fito fili.

Akwai wata hanyar da littattafai ke so: a haɗa A da B kai tsaye ta mitar karant, a raba Vth da abin da aka gani. A sakit ɗinmu babu haɗari, za ka ga miliamfa 12, kuma 6 a raba da 0.012 shi ne 500. Wannan miliamfa 12 ɗin shi ne karant ɗin Norton da malamai ke tambaya, turjiyarsa kuma ita ce dai Rth.

Hattara: ka yi wannan ne kawai in ka riga ka san Rth babba ne. A kan batiri, adafta ko soket ɗin bango, haram. Ramin mA na mita yana da ɗan fis da zai tsinke nan take, ramin 10A kuwa a mitoci masu arha galibi babu fis ko kaɗan, tsinken ne zai ƙone. In ka gama auna karant, ka mayar da jan tsinke ramin VΩ kafin ka manta; mitoci da yawa sun mutu ne a awon da ya biyo baya.

Mataki na 5: Zana sabon sakit ka mayar da lodi

Yanzu ka ajiye tsohon zane. Zana tushen bol 6, rezisto om 500 a jere da shi, sai A da B. Duk lodin da ka kawo, lissafinsa layi biyu ne:

```
I = Vth / (Rth + RL)
VL = I × RL
```

Mu dawo kan rediyon. A ce yana cin miliamfa 100 a bol 6, wanda ya yi kama da turjiyar om 60. Karant zai zama 6 a raba da 560, kusan miliamfa 11, boltej a kan rediyon kuma kusan 0.64. Ga inda wutar ta gudu. Ba ma sai an yi wannan lissafin ba: mun riga mun ga cewa ko an haɗa A da B kai tsaye, iyakar abin da sakit ɗin zai bayar miliamfa 12 ne. Mai neman ɗari ba zai ƙoshi a gidan da tukunyarsa sha biyu take ɗauka ba. Maganin da na ba yaron shi ne regileto mai lamba 7806, wadda ke riƙe bol 6 ko lodi ya ja, domin turjiyar da lodi ke gani a bakinta ƙasa take da om ɗaya nesa ba kusa ba.

Mataki na 6: Gwada lodi daban-daban ka ga inda wat ya fi yawa

Yanzu tambaya ta biyu. Tushen nan ba za mu taɓa shi ba, bol 6 da om 500. Wane lodi ne zai fi kowanne samun wat daga gare shi? Sauran rezisto huɗun da ka saya sun isa gwajin. Huɗu kafaɗa da kafaɗa om 250 ne. Biyu kafaɗa da kafaɗa om 500. Ɗaya shi kaɗai 1000. Biyu a jere 2000. Jona kowanne, ka auna boltej a kansa, ka ninka boltej ɗin da kansa ka raba da turjiyar. Ga abin da za ka samu:

```
RL (Ω)   VL (V)   I (mA)   P (mW)
 250      2.0      8.0      16
 500      3.0      6.0      18
1000      4.0      4.0      16
2000      4.8      2.4      11.5
```

Ka lura da yadda boltej da karant ke ja-in-ja. In lodi ya ƙanƙanta, karant na ƙaruwa amma boltej na zubewa. In ya girma, boltej na hawa amma karant na ƙafewa. Wat kuwa ninkin su biyun ne, don haka a kowane ƙarshe babu komai: waya tsura tana da karant ba boltej, buɗaɗɗen baki yana da boltej ba karant. Dole ƙololuwar tana wani wuri a tsakiya, kuma teburin ya nuna ta a 500, daidai da Rth.

Me ya sa daidai nan, ba kusa da nan ba? Ba sai an je lissafin jami'a ba. Wat ɗin lodi shi ne karant sau karant sau RL. In ka buɗe shi ka ɗan juya, yana komawa haka:

```
P = Vth² × RL / (Rth + RL)²
(Rth + RL)² = (Rth − RL)² + 4 × Rth × RL
P = Vth² / [ (Rth − RL)² / RL + 4 × Rth ]
```

Dubi layin ƙarshe. Abin da ke sama ba ya canjawa. A ƙasa akwai gida biyu. Na biyun, huɗu sau Rth, shi ma ba ya canjawa, don ba lodi a cikinsa. Na farkon shi ne bambancin da ke tsakanin turjiya biyun an ninka shi da kansa, kuma abin da aka ninka da kansa ba ya sauka ƙasa da sifili. To in kana son sakamakon rabawa ya yi girma, sai abin da kake rabawa da shi ya ƙanƙanta, kuma iyakar ƙanƙantarsa ita ce gidan farko ya zama sifili. Hakan ba ya faruwa sai RL ya yi daidai da Rth. Abin da ya rage:

```
Pmax = Vth² / (4 × Rth) = 36 / 2000 = 18 mW
```

Gwada shi da 250: bambancin 250 ne, ka ninka shi da kansa ka raba da 250 ka samu 250, ka tara da 2000 ya zama 2250, sai 36 a raba da 2250 ya ba da miliwat 16. Ya yi daidai da tebur.

Abu biyu za ka ɗauka daga nan zuwa benci. Na farko, a wurin daidaito boltej ɗin lodi rabin Vth ne, 3 daga 6. Wannan ya ba ka wata hanyar gano Rth: jona rezisto mai murɗawa, wanda muke kira bolum, ka yi ta murɗawa har boltej ya faɗo rabi, ka cire shi ka auna turjiyarsa. Abin da ka gani shi ne Rth. Na biyu, ƙololuwar nan ba tsini gare ta ba, tudu ne mai faɗi. Ka ninka lodi sau biyu ko ka raba shi biyu, daga 18 zuwa 16 kawai ka sauka. Saboda haka in Rth 500 ne kuma 470 ke cikin akwatinka, sa shi, kada ka hau tirotiro zuwa Adum neman 500.

Hattara: dabarar bolum ta ƙananan sakit ce masu Rth daga ɗaruruwan om zuwa sama. Bolum na rediyo ba ya ɗaukar zafi. A kan tushe mai ƙarfi, da ka murɗa shi kusa da ƙarshe zai yi hayaƙi.

Mataki na 7: Kafin ka daidaita, tambayi kanka ko ya kamata

Wannan matakin ne babu a yawancin darussa, kuma rashinsa ne ke ƙona kaya. A wurin daidaito, karant ɗaya ke ratsa turjiya biyu masu girma ɗaya, don haka duk wat ɗin da lodi ya samu, irinsa ya ƙone a cikin Rth. Rabi ne kawai ya isa inda ake so. Samun wat mafi yawa daban, rashin ɓarna daban.

A sakit ɗinmu na gaske ma abin ya fi haka muni, kuma ga wani iyaka na Thévenin da ya kamata ka sani. Da lodin 500 a jone, batirin bol 12 yana ba da miliamfa 9, wato miliwat 108. R1 ya cinye 81, R2 ya ci 9, lodi ya samu 18. Kashi ɗaya cikin shida ke nan, ba rabi ba. Sakit ɗin da muka zana a Mataki na 5 gaskiya yake faɗa game da abin da lodi ke gani, amma ba ya faɗin zafin da ake yi a cikin gida. In kana son sanin ko rezisto zai ƙone, ko batiri zai kai awa nawa, koma tsohon zane.

Yanzu batiri. Ka ɗauki ƙaramin batirin bol 12 irin na UPS, ka auna shi ba lodi, a ce 12.6. Jona ƙwan mota mai wat 21, irin wanda ake samu a kowane lungu na Suame, ta ramin 10A na mita, a ce ka ga amfa 1.7. Sannan ka auna boltej a kawunan batirin ƙwan na ci, a ce 12.4. Faɗuwar 0.2 a raba da 1.7 ta ba da kusan om 0.12. In wata shida suka wuce ka maimaita ka ga faɗuwar ta ninka, batirin ya fara tsufa, ko da ba lodi yana nuna 12.6 ɗinsa.

Hattara: kada ka auna turjiyar ƙwan a sanyi ka sa a lissafi. Zaren ƙwai in ya yi zafi turjiyarsa na ninkuwa sau goma ko fiye. Karant ɗin za ka auna. Kuma tsinken mita ya taɓa ƙarfen kan batiri kansa, ba kilif ba, in ba haka ba turjiyar waya da tsatsa za su shiga lissafinka.

To da za ka daidaita lodi da wannan batirin, sai ka jona om 0.12, karant ya haura amfa 50, boltej ya faɗo 6.3, sama da wat 300 suna dafa batirin daga ciki. Batirin mota turjiyarsa ta fi wannan ƙanƙanta sosai, lissafinsa ɗaruruwan amfa ne. Babu mai hankalin da ke yin haka. A batiri, inbata, janareto da wutar bango ta bol 230, abin da ake so shi ne lodi ya fi Rth girma sau da yawa, don boltej ya tsaya kuma ɓarna ta yi kaɗan.

Haka ma kada a juya ƙa'idar. Ta ce in tushe ya kafu ba ka iya canja shi, zaɓi lodi daidai da shi. Ba ta ce in lodi ya kafu ka ƙara wa tushe turjiya don su yi daidai ba. Duba layin farko na lissafin wat: Rth a ƙasa kawai yake, duk abin da ka ƙara masa ragi ne ga lodi. In tushen ne a hannunka, rage Rth iya yinka.

Wannan ya kawo mu ga masu haya da sifika a bikin aure da suna. Rubutun 8Ω a bayan amfilifaya ba turjiyar cikinta ba ce. Amfilifayar taransisto turjiyar bakinta ƙasa take da om ɗaya. Rubutun yana gaya maka mafi ƙanƙantar lodin da za ta ɗauka ba tare da ta yi zafi ba. Sifika biyu masu om 8 kafaɗa da kafaɗa sun zama 4, huɗu sun zama 2. Ƙara tana ƙaruwa, gaskiya ne, domin kana matsowa kusa da Rth, amma taransistocin bakin ne ke biyan kuɗin. Yawancin amfilifayar da ake kawo mini ranar Litinin bayan bikin Lahadi, labarinsu ke nan.

Fanel ɗin sola ma kada ka yi masa dabarar rabin boltej. Thévenin na aiki ne inda boltej ke faɗuwa daidai gwargwadon karant, a miƙe. Fanel ba haka yake ba. Karanta bayansa: wanda ake kira na bol 12 za ka ga Voc, wato boltej ɗinsa ba lodi, wajen 21 ko 22, Vmp kuma, wato boltej ɗin da ya fi ba da wat a kansa, wajen 17 ko 18, ba rabi ba. Wurin nan yana kuma motsi da rana da zafi, shi ya sa kwantirola mai MPPT take ta lalubensa duk yini.

Inda daidaitawa ke da amfani shi ne inda wutar 'yar mitsitsiya ce kuma ba ka da ikon canja tushenta. Eriyar talabijin tana tsinto abin da bai kai ko miliwat ba daga iska, asarar rabinsa a ciki ba ta dafa komai, abin da ake so shi ne mafi yawan abin da zai iya isa akwatin. Shi ya sa eriya, kebul ɗinta da bakin talabijin ko dikoda duk aka yi su a kan om 75, na'urorin watsa rediyo kuma a kan om 50. A sigina mai saurin kaɗawa irin na eriya akwai ƙarin dalili: in ba a daidaita ba, wani ɓangaren siginar yana dawowa baya ta cikin kebul. Wannan 75 ɗin ba ya aunuwa da mitarka. In ka sa tsinke tsakanin zaren tsakiya da ragar kebul mai lafiya wanda ba a jona komai ba, buɗe za ta nuna. Rubutun jikin kebul ɗin za ka karanta, RG-6 na om 75 ne, RG-58 na om 50. In wani ya ƙara tsawon kebul ɗin eriya da wayar fitila ya naɗe da salatif, hoto ya fara daskarewa, ka fara duba mahaɗin nan kafin ka kwance dikoda.